Basilin ko man yuriya: wanne ya dace da faso, wanne ya dace da kaushin hannu

Akwai mutanen da suka shafe watanni suna lafta wa dunduniyarsu basilin kowane dare, amma da safe in sun duba sai su tarar kaushin yana nan daram, sai dai ƙyallin mai da ya hau kansa. Akwai kuma waɗanda suka ji labarin man yuriya, suka saya, suka cusa shi cikin fason da ke fitar da jini, raɗaɗi ya sa suka wanke shi nan take suka rantse ba za su ƙara taɓa shi ba. Dukansu biyun maganin kirki suka riƙe, wurin da suka sa shi ne bai dace ba. Waɗannan mayuka biyu aikinsu daban ne, kuma mai son zaɓa tsakaninsu sai ya fara duba fatarsa da kyau, ya gane shin bushewa ce kawai ke damunta, ko kuwa ta yi kauri ta zama kanta, sannan ya duba ko tsagar ta kai ga nama.

Fatar da muke taɓawa a waje matacciya ce, kuma laushinta ya dogara ne ga ruwan da ta riƙe. Idan ruwan da ke cikin wannan shimfiɗa ta sama ya yi ƙasa da kimanin kashi 10 cikin 100, sai ta daina lanƙwasuwa, ta koma kamar busasshiyar fatar da ba a jeme ba, wadda in an tanƙwara ta sai ta tsage. Tafin hannu da tafin ƙafa kuwa ba su da ƙofofin da ke fitar da maiƙon jiki irin na fuska da kai, gumi kaɗai suke fitarwa, shi ya sa suka fi ko'ina saurin bushewa. Daga nan hanyar dunduniya da ta hannu suke rabuwa. A ƙarƙashin ƙashin dunduniya akwai matashin kitse wanda ke bajewa gefe duk lokacin da nauyin jiki ya sauka a kansa. Takalmi mai rufaffen baya yana tare wannan bajewa, silifas da sauran buɗaɗɗun takalma kuwa ba abin da suke tarewa. Fatar gefen dunduniya tana kare kanta daga wannan matsi da gurzawa ta hanyar ƙara kauri, kuma idan wannan kauri ya bushe, kowane taku yana jan sa ta gefe har ya dare. Wannan shi ne faso. Hannun mai wanki ko wanke-wanke kuwa matsalarsa kusan kishiyar wannan ce: sabulu da ruwa suna wanke ɗan maiƙon da ke haɗa ƙwayoyin fatar, fatar ta kumbura a cikin ruwa, ta motse in ta bushe, a maimaita haka sau da yawa a wuni, har ta zama mai rauni, ja, mai raɗaɗi, tana tsattsagewa a kan gaɓoɓi da bakin yatsu. Masana lafiyar ma'aikata suna lissafa aiki a matsayin mai haɗari ga fata idan hannu yana cikin ruwa fiye da awa 2 a rana, ko ana wanke shi fiye da sau 20.

Basilin ba ya ƙara wa fata ruwa ko ɗigo ɗaya, kuma ba ya narkar da kanta. Abin da yake yi shi ne rufewa: yana shimfiɗa wani siririn bango a kan fata wanda ke hana kusan dukan ruwan da ke cikinta tsirarewa, kuma a wannan fage da wuya a sami man da ya kamo ƙafarsa. Amma abin da aka rufe shi ne zai zauna. Idan aka shafa shi a kan dunduniyar da ta wuni cikin ƙura ta bushe ƙamas, to bushewa aka rufe, laushin da za a gani kaɗan ne. Idan kuwa aka shafa shi cikin 'yan mintuna bayan wanka, fata tana da sauran danshi, wannan danshin ne zai kwana a ciki ya tausasa ta. Babbar falalarsa ita ce ba ya raɗaɗi, ba shi da turare ko sinadaran hana lalacewa in dai tsantsarsa ne, kuma da ƙyar ake samun wanda jikinsa ya ƙi shi. Saboda haka shi ne ake iya sa wa a cikin tsagar da ta buɗe bayan an wanke ta, shi ne kuma ya dace da hannun da ya yi ja yana zafi. Aibinsa sananne ne: yana da maiƙo, yana sa santsi, yana kama ƙura, kuma ba wanda zai iya riƙe kwano ko alƙalami da hannun da aka lafta wa shi. Man kaɗanya da sauran mayuka masu kauri duk a wannan layi suke, rufewa suke yi, sai dai ba su kai basilin toshewa ba.

Man yuriya kuwa aikinsa ya danganta da lambar da aka rubuta a jikin kwalin, kuma wannan lamba ita ce abin da ya kamata mai saye ya fara nema kafin ya dubi sunan kamfani ko hoton ƙafar da aka zana. Yuriya sinadari ne da fatar mutum take da shi tun asali a cikin abubuwan da ke riƙe mata ruwa. Idan yawansa a cikin man bai wuce kashi 5 zuwa 10 cikin 100 ba, aikinsa jawo ruwa ne ya riƙe shi a fata, wato mai ne na tausasawa kawai. Idan ya kai kashi 20 zuwa 30, sai ya fara wani aikin da basilin ba zai taɓa yi ba: yana sassauta haɗin da ke tsakanin matattun ƙwayoyin kanta, su riƙa saɓulewa a hankali, kaurin ya ragu. Mayukan dunduniya da yawa kashi 25 ake yin su, kuma wannan ne ma'aunin da ya fi dacewa da faso mai kauri. Mai kashi 40 kuwa yana da ƙarfin da har farce yake tausasawa, don haka ba abin shafawa ba ne a kowace rana a kan lafiyayyar fata, kuma gara a bar shi sai da shawarar ma'aikacin lafiya. Mai karatu zai iya tuna cewa akwai takin zamani mai wannan suna, kuma gaskiya ne sinadarin ɗaya ne, amma na gona ba a tace shi don jikin mutum ba, kada wani ya yi tunanin kwaɓa shi ya shafa.

Aibin man yuriya shi ne raɗaɗi. A kan fatar da ba ta buɗe ba mutum ba zai ji komai ba, ko kuma ya ji ɗan tsikari na minti ɗaya. A cikin tsagar da ta kai ga nama kuwa zafinsa kamar an zuba gishiri ne a miki, kuma a kan hannun da sabulu ya riga ya cinye, mai kashi 25 yana iya ƙara ja da ƙuna maimakon sauƙi. Haka nan yake ga mayukan da aka sa wa asid na salisilik ko na laktik, waɗanda su ma cin kanta suke yi.

Akwai na uku da bai cancanci doguwar magana ba, wato man shafawa mai ruwa-ruwa da ake matsowa daga gora. Mafi yawansa ruwa ne, yana da daɗin shafawa, yana shigewa nan da nan, amma a kan dunduniya mai kauri ba ya tsinana komai. Inda yake da ɗan amfani shi ne hannu da rana, kuma ko a nan ma gara mutum ya nemi mai ɗan kauri, marar turare, wanda aka sa wa gilisarin, wani sinadari mai jawo wa fata ruwa.

Gwajin da nake ganin ya fi sauƙi shi ne mutum ya zauna bayan wanka ya ɗora ƙafarsa a kan gwiwa, ya danna gefen dunduniyar da babban yatsa. Idan fatar ta lotsa ta dawo, kuma abin da ake gani fari-farin garje ne da ƙananan layuka, to bushewa ce, basilin a kan danshi ko yuriya mai kashi 10 ya wadatar. Idan kuwa yatsan ya ci karo da wani tauri mai launin rawaya ko toka, kamar an zagaye dunduniyar da baki, har farce yana iya ƙwanƙwasa shi, to kanta ce, kuma a nan basilin shi kaɗai ɓata lokaci ne, mai kashi 25 ake bukata. Idan a tsakiyar wannan tauri akwai tsagar da ake hango ja a ƙasanta, ko tana zafi in an taka, ko tana ɓata safa da jini, to aiki ya kasu biyu a dunduniya ɗaya: basilin a cikin tsagar, yuriya a kan kaurin da ke kewaye da ita ba tare da ya taɓa bakin ba.

Mu ɗauki misalin wata mai aikin wanke-wanke a gidan abinci, wadda take tsaye awa 6 ko fiye a kan jiƙaƙƙen siminti, sanye da silifas, hannunta kuma yana cikin ruwan sabulu mafi yawan wannan lokaci. Dunduniyoyinta biyu sun yi baki mai tauri, ta dama tana da tsaga guda mai zurfi da ke sa ta ɗingishi da safe, bayan hannunta ya yi ja, kuma babban yatsanta ya tsage a gefen farce. A mako na farko abin da ke gabanta shi ne rufe tsagar. Da dare za ta jiƙa ƙafafun cikin ruwan ɗumi zalla na minti 10, kada ruwan ya yi zafi kuma kada ta wuce wannan lokaci, domin doguwar jiƙa tana ƙara wanke maiƙon fata ne. Za ta tsane su da tawul, ta bi tsakanin yatsu ɗaya bayan ɗaya, sannan ta cika tsagar da basilin, ta matso bakunanta biyu kusa da juna, ta ɗaure da filasta a gicciye domin kada taku ya riƙa buɗe ta. Wannan filasta ita ce ke sauƙaƙa zafin tafiya tun daga rana ta farko, kuma a canza ta kullum ko duk lokacin da ta jiƙe. A kan sauran kaurin za ta shafa man yuriya mai kashi 25, ta bar tazarar kimanin faɗin farce tsakaninsa da tsagar.

Game da yawan man, akwai ma'aunin da likitocin fata suke amfani da shi: idan aka matso mai daga bututu a kan yatsan manuni tun daga bakinsa zuwa gaɓar farko, wannan kimanin rabin giram ne. Ɗaya irin wannan ya ishi dunduniya guda. Dunduniya biyu, safe da dare, giram 2 ke nan a rana, wato giram 60 a wata, kuma wannan lissafi yana da amfani domin mutum ya gane ko yana shafawa yadda ya kamata. Wanda ƙaramin bututu ya yi masa wata huɗu bai ƙare ba, ba shafawa yake yi ba, nuna wa ƙafar man yake yi. Da dare, bayan yuriyar ta ɗan shige na minti 5, sai ta bi ta da siririn basilin a kai, ta sa safar auduga ta kwanta. A nan ne mayukan biyu suke haɗuwa su yi abin da kowannensu ba zai iya shi kaɗai ba, ɗaya yana sassauta kantar yana jawo ruwa, ɗayan yana hana ruwan fita. Kada ko ɗaya daga cikinsu ya shiga tsakanin yatsun ƙafa, domin wurin dama ba ya rasa danshi, kuma ƙarin mai yana sa fatar ta yi fari ta ruɓe.

Gogewa tana zuwa ne bayan an jiƙa, sau 2 ko 3 a mako, da dutsen goge ƙafa ko magogi marar kaifi, a hankali, na minti ɗaya ko biyu a kowace dunduniya, kuma ba a bi ta kan tsagar da ta buɗe. Alamar tsayawa ita ce fatar ta fara nuna ja-ja ko a ji ɗumi. Ina roƙon mai karatu ya rabu da reza. Na san tana ba da sakamako nan take, dunduniya ta yi sumul cikin minti biyu, amma hannun mutum ba ya iya auna zurfi a bayan ƙafarsa, yanka kaɗan a wurin da ke taka ƙazanta yana iya zama gyambo, kuma fatar da aka fere da yawa tana amsawa ne da ƙara kauri. Idan kantar ta yi kaurin da sai an yanke, ma'aikacin lafiya ne zai yi da tsaftatacciyar wuƙa.

Cikin mako guda ya kamata tsagar ta daina zafi ta fara haɗewa daga ƙasa, cikin mako biyu kuma bakin dunduniyar ya fara laushi yana fita da sauƙi a ƙarƙashin dutse. Sabuwar fata tana ɗaukar kimanin mako huɗu kafin ta iso sama, saboda haka ba a yanke wa magani hukunci kafin wata ya cika. Idan kaurin ya tafi, sai mai wanke-wanken nan ta sauko zuwa mai kashi 10 kullum, ko ta riƙe mai kashi 25 sau biyu ko uku a mako. Amma in ta koma tsayuwa a jiƙaƙƙen siminti da silifas ɗin nan, fason zai dawo komai tsadar man da ta saya. Takalmin roba mai rufaffen baya da laushin ciki a lokacin aiki, wanda za a cire a shanya in an tashi, ya fi kowane mai tasiri wajen hana dawowarsa. Wanda zafi ko yanayin aikinsa bai ba shi damar sa rufaffen takalmi ba, ya nemi ko da mai maɗauri a baya da ɗan zurfi a mazaunin dunduniya, wanda ya fi ƙafar tsawo kaɗan, domin dunduniyar da ke leƙowa tana taka bakin takalmi ita ce ta fi saurin tsagewa.

Hannunta kuwa zaɓinsa ya juya. Ba kauri ne ke damun sa ba, don haka man dunduniya ba shi da gurbi a nan, sai fa in akwai kanta a tafin hannu irin ta masu riƙe fartanya ko guduma. Da rana abin da take bukata shi ne mai marar turare mai gilisarin, ko yuriya mai kashi 5 zuwa 10 idan ba ya yi mata zafi, ta ajiye shi kusa da wurin wanki, ta shafa duk lokacin da ta gama wani zagaye na aiki ta tsane hannu. Yawan maimaitawa ya fi yawan laftawa amfani. Da dare sai basilin a kan hannu mai danshi, a cusa shi musamman a gefen farata da kan gaɓoɓi, a sa safar hannu ta auduga in ana da ita. Tsagar yatsa ana yi mata yadda aka yi wa ta dunduniya, basilin da filasta. Ta cire zobe kafin aiki, domin ruwan sabulu yana maƙalewa a ƙarƙashinsa, kuma sau da yawa daga nan jan yake farawa.

Safar hannu ta roba tana da nata sharaɗi, wanda in ba a kiyaye ba sai ta zama wata hanyar jiƙa hannu. Gumi yana taruwa a cikinta, kuma hannun da ya yi awa guda cikin guminsa bai bambanta sosai da wanda ke cikin baho ba. Shawarar da aka saba bayarwa ita ce kada a wuce kimanin minti 20 ba a cire an sha iska ba, a sa siririyar ta auduga a ciki in aikin mai tsawo ne, a juya ta a shanya bayan an gama, kuma a jefar da wadda ta huje, domin ruwan sabulun da ya shiga ya zauna ya fi rashin safar muni. Kada a lafta basilin sannan a zura hannu cikin safar roba ta latex, wato wadda aka yi da ƙaron bishiyar roba, domin maiƙo yana lalata irin wannan roba. Akwai kuma wani haɗari da ba a cika faɗa ba: safa da zanen gado da suka sha mai suna saurin kama wuta, don haka a riƙa wanke su akai-akai, kuma kada a matsa kusa da murhu ko kyandir da su.

Dukan wannan kwatance yana tsayawa ne a kan bushewa da kanta, kuma akwai abubuwan da ke kama da su alhali ba su ba ne. Idan tafin ƙafa gaba ɗaya ya rufe da lallausan garje kamar an barbaɗa gari, yana ƙaiƙayi, tsakanin yatsu yana saɓulewa, ko farata sun yi kauri sun canza launi, akwai yiwuwar cutar fangas ce, wato ƙwayar cuta dangin funfuna da ke kama fata, wadda basilin da yuriya ba sa kashewa, sai maganinta na musamman. Alama ɗaya da ke nuna ta ita ce ƙafa biyu su kamu tare da hannu ɗaya kacal. Idan hannu yana fitar da ƙananan ƙuraje masu ruwa, yana ƙaiƙayin da ke hana barci, ko ya ƙara lalacewa bayan an fara sa safar roba, wataƙila jiki ne yake ƙin wani sinadari, kuma wannan yana bukatar a duba. A guji kuma mayukan nan masu haɗe-haɗen magunguna da ake saye ba tare da an rubuta wa mutum ba, domin da yawansu suna ɗauke da sitiroyid mai ƙarfi, wanda ke kwantar da ja na 'yan kwanaki, sannan ya sirantar da fata ya kuma ba fangas damar yaɗuwa.

Mai ciwon suga, da duk wanda ƙafarsa ba ta jin taɓi sosai ko jini ba ya gudana da kyau a cikinta, hukuncinsa daban ne tun daga farko. Shafa mai kullum yana da kyau gare shi, amma ba jiƙa ƙafa, ba asid na salisilik, ba reza, kuma ko gogewa sai ya tambayi mai duba shi, domin yana iya jin ciwo bai sani ba, ƙaramar tsaga kuma ta zama gyambon da ke ɗaukar watanni. Duk tsagar da ta buɗe a irin wannan ƙafa a nuna ta a asibiti cikin kwana ɗaya ko biyu. Ga kowa kuwa, idan gefen tsagar ya kumbura ya yi zafi, ja yana yaɗuwa, mugunya tana fita, ko kaluluwa ta fito a matsematsi tare da zazzaɓi, a ajiye mayukan nan biyu a tafi asibiti a ranar.